Yadda Kyalla Ta Haye Kogi: Daga Tatsuniyar Dare Zuwa Rubutun Katun

In mai tatsuniya ta ce "'yar akuyar nan wayo gare ta", yara sun yarda, an wuce wurin. Mai zanen katun ba shi da wannan gata, domin babu alƙalamin da ke zana wayo. Abin da zai iya zanawa shi ne ido da ya tsaya a kan wani abu, da kunne da ya motsa, da ƙafar da aka ɗaga za a taka sai aka fasa. Duk wanda ke son ya mayar da tatsuniyar kwanciya barci fim ɗin katun mai muryar mai ba da labari, a nan aikinsa yake: ya raba labarin gida biyu, ya san abin da zai bar wa baki da abin da zai miƙa wa hoto. Zan bi wannan aiki da labari guda, na wata 'yar akuya da kogi ya raba da uwarta.

Labarin ƙaramar dabba da ke neman haye ruwa alhali wani mugu ya tare hanya ya yaɗu a duniya. A Norway akwai na bunsuru uku da dodon ƙarƙashin gada, wanda Asbjørnsen da Moe suka tattara a shekarun 1840. A can ƙaramin bunsuru yana tsira ne da cewa a jira yayansa da ya fi shi tsoka, a ƙarshe babban ya tunkuyi dodon ya jefa shi ruwa. A ƙasashen Malesiya da Indonesiya kuma akwai Sang Kancil, wata 'yar mitsitsiyar dabba mai kama da barewa, wadda ta sa kadoji suka jeru wai za ta ƙirga su, ta bi ta bayansu ta haye. Na biyun ya fi dacewa da allo, saboda dabarar a fili take, ido na ganinta tun daga kada na farko har na ƙarshe. Na farkon kuwa da faɗa yake ƙarewa, faɗa kuma ba ya sa yaro barci.

Ga namu labarin a taƙaice, kamar yadda za a faɗe shi da baki. Kyalla 'yar akuya ce ja mai farin goshi. Da safe ta bi garke suka haye kogi a bushe, yashi kawai. Ta shagala da cin 'ya'yan gawo, garke ya koma gida ya bar ta. Da yamma ta zo ta tarar kogi ya kawo ruwa, domin an yi ruwan sama can sama da garinsu ko da yake su ko ɗigo ba su gani ba. Kada ya leƙo ya ce ta shigo, wurin ba zurfi, in ma ta gaji zai goya ta. Kyalla ta ture karan dawa da ƙafa ya faɗa ruwa, ta ga yadda ruwa ya fizge shi. Ta waiga can sama ta hango balbelu tsaye cikin ruwa, ko gwiwarsu bai kai ba. Sai ta roƙi Kada ya je ya auna mata zurfin ruwa can ƙasa wajen wata kurna. Ruwa ya tafi da shi da sauri, dawowa kuma sai da wahala. Kafin ya juyo ta ruga wurin balbelu ta haye, ta isa gida ta kwanta a jikin uwarta.

Na zaɓi wannan dabara ne saboda gaskiya ce ta ƙasa. Duk wanda ya tashi kusa da kogunan da ke ƙafewa da rani ya san ana iya hayewa da safe a ƙafa, da yamma a iske ruwa ya cika maƙil. Kuma tsuntsu mai tsayawa cikin ruwa alama ce ta wurin da ba zurfi. Wayon Kyalla na lura ne, irin wanda ɗan shekara biyar zai iya bi da idonsa ya gane da kansa.

Kafin a rubuta kalma ɗaya, sai a yi lissafin lokaci. A ce fim ɗin minti 5 ne, wato daƙiƙa 300. Fim na tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, amma masu katun da yawa kan bar zane ɗaya ya tsaya sau biyu, sai ya zama zane 12 a daƙiƙa. Ko a hakan, minti 5 na motsi ba tsayawa zane 3,600 ne. Mutum ɗaya ko biyu ba za su iya ba cikin sauƙi, shi ya sa rubutu mai kyau yake tanadar wuraren da hoto zai tsaya cak, ko abu ɗaya kawai ya motsa, kamar kunne ko ruwa. Ta fuskar magana kuwa, mai karanta wa yara labari a natse ba ya wuce kalma ɗari da 'yan kai a minti. In aka cika minti biyar ɗin da magana za a sami kalma wajen 550, amma hakan kuskure ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin na shiru ne, na kukan ruwa da kwaɗi da takun kofato. Ke nan duk maganar fim ɗin, ta mai labari da ta dabbobi, ba za ta wuce kalma 350 zuwa 400 ba. Hanya mafi tabbas ita ce a karanta da baki ana duba agogo, domin kowane mai karatu da saurin harshensa.

Daga nan sai a yanka labarin fitowa-fitowa. Ni shida na yi: hayewar safe, tarar da ruwa, zuwan Kada, gwajin kara da aiken Kada, hayewa, sai kwanciya. Zuwan Kada da gwajin kara su suka ci kusan rabin lokacin, minti biyu da ɗan ɗoriya, domin nan ne zuciyar labarin. Kowace fitowa ana rubuta mata abu uku a layi daban-daban: abin da ake gani, abin da ake ji wanda ba magana ba, da maganar kanta tare da sunan mai yin ta.

Fitowa ta farko ita ce marubuta suka fi rainawa, alhali ita ke ɗauke da nauyin ƙarshe. Ga yadda na rubuta ta:

FITOWA TA 1. BAKIN KOGI, DA SAFE.
Hoto: Kogi a bushe. Garke na hayewa. Ta hagu akwai tudun yashi mai faɗi da duwatsu uku a jere, balbelu na kiwo a kai. Ta dama, can nesa, kurna ta sunkuyo kan wani rami mai zurfi.
Mai labari: Ga ta nan, ga ta nanku.
Muryoyin yara: Ta zo mu ji ta.
Mai labari: Wata 'yar akuya ce, sunanta Kyalla. Komai ta gani sai ta tsaya ta duba.
Hoto: Kyalla ta tsaya a kan dutse na biyu, ta dubi balbela, balbela ta dube ta.
Inna Akuya: Kyalla, taho mana, kar a bar ki.

Mai labari bai ce komai ba game da tudun yashi ko ramin da ke gindin kurna. Hoto ne ya ajiye su a kan yaro. Idan dare ya yi, ruwa ya rufe komai, Kyalla ta hango balbelu ta hagu, yaron da ya kalli safiyar nan zai tuna akwai tudu a wurin, wani ma zai riga ta faɗa. Wannan jin daɗin na riga jaruma ganewa shi ne ribar fim ɗin gaba ɗaya, kuma kyauta ake samunsa da daƙiƙa huɗu na tsayuwa a kan dutse. In aka cire wannan tsayuwa, hayewar Kyalla za ta zama sa'a kawai, a ce Allah ne ya kuɓutar da ita ba tare da ta yi wani tunani ba.

Yanzu ga fitowa ta huɗu. Marubucin da ya saba da tatsuniyar baki zai rubuta wa mai labari cewa Kyalla ta yi tunani a ranta, ta gane Kada ƙarya yake yi, sai ta jefa kara don ta gwada ruwan, da ta ga ya tafi da sauri sai ta tabbata akwai zurfi. Magana ce mai kyau a bakin kaka cikin duhu. A kan allo kuwa ta kashe fitowar, domin an gaya wa yaro abin da yake shirin gani, an kuma yi masa tunanin da ya kamata ya yi. Ga gyararren:

FITOWA TA 4. BAKIN KOGI, BAYAN FAƊUWAR RANA.
Kada: Shigo, 'yata. Ruwan nan ko idon sawunki ba zai kai ba.
Hoto: Kyalla ta ɗaga ƙafar gaba, ta tsaya da ita a sama. Ta dubi wani karan dawa a gefenta. Ta ture shi.
Sauti: Tsulum. Kukan ruwa ya ƙaru kaɗan.
Hoto: Kara ya juya sau biyu, ya ruga dama, ya ɓace. Kyalla ta mayar da ƙafarta ƙasa. Shiru na daƙiƙa uku.
Hoto: Kunnenta na hagu ya motsa. Ta waiga. Can nesa balbelu uku tsaye cikin ruwa, ana ganin tsawon ƙafafunsu.
Kyalla: Kawu Kada, ni matsoraciya ce. Don Allah je ka auna mini can wajen kurna, ko ya fi nan sauƙi.
Kada: Ke dai tsaya nan, kar ki motsa.
Mai labari: Tafiya da ruwa ba wuya. Dawowar ce aiki.

Kalma takwas kacal mai labari ya furta a fitowar da ta kai minti guda. Ya yi magana ne a wuri ɗaya tak da hoto zai iya gaza wa ƙaramin yaro, wato dalilin da ya sa aiken Kada ƙasa ya zama dabara. Sauran duk gani ne, gani kuwa ya kori ji. A lura kuma da daƙiƙa ukun nan na shiru. Su ne tunanin Kyalla. Masu haɗa fim kan so su yanke su don suna ganin ba abin da ke faruwa, to marubuci ya rubuta su da adadi a cikin takarda don kar a taɓa su. Ga mai zane ma alheri ne: zane ɗaya ne tsaye, sai ƙiftawar ido.

Akwai wata ƙa'ida da wannan labari ba ya yafe wa wanda ya karya ta. Tun daga fitowa ta biyu ruwa na gudu ne daga hagu zuwa dama, balbelu na hagu, kurna na dama. Muddin Kyalla ba ta haye ba, dole a ci gaba da kallon kogin daga gaɓar da take. In mai zane ya ga dama ya nuna ta daga tsallake, wai don a ga fuskarta da kyau, sai ruwan ya koma gudu daga dama zuwa hagu a idon mai kallo. Babba zai iya warware wannan a kansa. Yaro kuwa zai ga kamar Kada ya nufi wurin balbelu, dabarar ta watse. Saboda haka a saman rubutun nakan sa layi guda: ruwa kullum hagu zuwa dama. Idan ana son nuna Inna Akuya tana jira a tsallake, a nuna ta kusa-kusa, fuska da wuya, ba tare da ruwa a bayanta ba.

Shi kansa ruwan yana cikin abubuwan da suka fi wahalar zanawa. Maganinsa a zana 'yan layukan igiyar ruwa guda takwas ko goma sha biyu da za su riƙa maimaita kansu, na ƙarshe ya haɗu da na farko ba tare da tsalle ba. Abin da ke nuna ƙarfin ruwa ga mai kallo shi ne abin da ruwan ya ɗauko: kara, ganye, kumfa. Kusa da Kada su wuce da gudu, wurin balbelu su tafi a hankali. Da wannan bambanci kaɗai an nuna zurfi da rashinsa.

Ita ma Kyalla sai an zana ta akuya sosai, domin yaran da suka tashi da awaki a tsakar gida ba a ruɗinsu. Wutsiyar akuya a ɗage take, ta tunkiya ce ke faɗuwa. Ƙwayar idonta a kwance take kamar gajeren layi. In tana tafiya a hankali ƙafafun ba sa tashi bibbiyu: ta baya ta hagu, ta gaba ta hagu, ta baya ta dama, ta gaba ta dama. Wanda ya rikita wannan jeri zai ga akuyarsa na zamewa a kan ƙasa maimakon takawa. Akuya kuma ba ta son jiƙa, da yayyafi ya fara ta nemi rumfa. Wannan hali ya shiga rubutun hayewa: ta sa kofato a ruwa, ta janye, ta kaɗa shi, sannan ta daure. Farin goshin ma da dalili na sa shi. Rabin fim ɗin cikin magariba yake, jar akuya kuwa ɓacewa take yi a hoto mai duhu, farin nan shi ke riƙe idon yaro a kanta.

Kada fa? A nan ake yawan wuce gona da iri. Fim na kwanciya barci ne, don haka ban nuna haƙoransa a kusa ba ko sau ɗaya, ban ba shi gurnani ba. Muryar dattijo mai zaƙin baki na rubuta masa, mai jan magana. Ya isa yaro ya ji wannan kawun ba abin yarda ba ne. In yaro ya ja bargo ya rufe fuska lokacin fitowar Kada, an ƙetare iyaka, sai a rage girman hoton ko a sassauta muryar.

Da rubutu ya kammala, murya ake fara ɗauka kafin zane, domin zane ne ke bin tsawon magana. Wayar hannu ta wadatar in an sami ɗaki mai katifa da labule da kaya a rataye, an kashe fanka, an jira janareton maƙwabta ya yi shiru. A riƙe wayar kamar taƙi guda daga baki, a ɗan karkata ta don iskar "f" da "b" kar ta buga. Manhajar Audacity kyauta ce, da ita ake yanke tari da gyara tazarar shiru. Bayan nan sai a yi zane-zanen gwaji da fensir, ɗaya ga kowane hoto da aka rubuta, a jera su a kan muryar, kowanne ya tsaya iya daƙiƙoƙinsa. Wannan ɗanyen fim, wanda ba launi ba motsi, shi ke nuna inda rubutu ya yi tsawo ko ya yi gaggawa tun kafin a ɓata makonni a zane na gaske. Masu zanen hannu na iya ci gaba da Pencil2D ko OpenToonz, su ma kyauta ne. Wata fa'idar mai labari ta fito a nan: duk inda shi ke magana ba a buƙatar zana motsin baki, wanda aiki ne mai cin lokaci. Shi ya sa maganar dabbobin take gajeru, jimla ɗaya ko biyu.

Da ɗanyen fim ɗin nan ake gwaji iri biyu, kuma duka sai da yaro na gaske, ɗan shekara huɗu zuwa shida. Na farko a kashe sauti a nuna masa fitowa ta ɗaya da ta huɗu, a tambaye shi me ya sa Kyalla ta gudu wajen tsuntsaye. In ya ce don can ba zurfi, ko ya ce don akwai duwatsu, hoto ya yi aikinsa. In ya ce don ƙawayenta ne, to tudun yashin safe bai fito sosai ba, a ƙara masa lokaci ko a matso da shi. Na biyu a kife wayar a bar sauti kaɗai. Wannan ya zama dole saboda yaron da ake so ya yi barci zai rufe ido kafin fim ya ƙare, kuma bai kamata labarin ya kuɓuce masa don ya rufe ido ba.

Gwajin nan na biyu shi ya tsara fitowa biyu na ƙarshe. A hayewa, maimakon kiɗa mai sauri, mai labari ne ke ƙirga duwatsu a hankali, ɗaya, biyu, uku, kowanne da ƙarar kofato. Daga nan kukan ruwa ya fara ja da baya, kwaɗi da gyare su maye gurbinsa. A fitowa ta shida mai labari ya karɓe ragamar da ya sakar wa hoto tun farko. Hotuna su daɗe, kowanne daƙiƙa takwas ko goma, launi ya koma shuɗi mai duhu, jimloli su gajarce, murya ta sauka. Kar a sa wata ƙara ta ba-zata a nan, ko da ta dariya ce, kar kuma a bar wani fim ya biyo baya da kansa.

Abu ɗaya na ƙi bari ya wuce. Yaran da za su kalli wannan fim wasunsu na zaune kusa da kogi ko kududdufi, kuma kowace damina ana rasa yara a ruwa. Ba na son wani ya tashi da cewa mai wayo shi ne mai shiga ruwa shi kaɗai. Don haka na sa wa Inna Akuya magana yayin da take lasar jiƙaƙƙun ƙafafun 'yarta:

Inna Akuya: Kin yi dabara, Kyalla. Amma gobe in kin ga ruwa, tsaya a tudu ki yi kira. Ni zan zo.
Kyalla: To, Inna.
Mai labari: Ƙurunƙus.

Maganar ta fi shiga daga bakin uwa, a cikin labarin, fiye da a ce mai labari ya tsaya yana wa'azi bayan an gama. Ta kuma ci daƙiƙa goma sha biyu, waɗanda na samo ta hanyar rage cin 'ya'yan gawo a fitowa ta biyu, domin minti biyar ɗin ba ya ƙaruwa.